Rijiyar Jauro: yadda wani injiniyan ruwa na Gombe ya faɗi intabiyun tallafin karatu, ya sake shiri

Ɗan yayata ne, injiniyan ruwa, ya yi digirinsa a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ya dawo gida Gombe yana aiki da wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. A gida Injiniya muke kiransa, rabi girmamawa rabi tsokana, kuma da sunan zan bar shi a nan. Sau biyu ya nemi tallafin Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bai wa masu son digiri na biyu na shekara ɗaya a jami'o'inta. Sau biyun duka an kira shi intabiyu. Na farko bai zo wurina ba sai bayan ya faɗi. Na biyu mun yi wajen wata biyu muna zama a zaurena da ke Tudun Wada, bayan isha'i, ina tambaya yana amsawa. Na daɗe ina zama cikin kwamitocin ɗaukar ma'aikata, shi ya sa uwarsa ta turo mini shi.

Sharuɗɗan tallafin a bayyane suke, kuma daga cikinsu tambayoyin ke fitowa. Mai nema sai ya yi aiki na aƙalla shekara 2, wanda suke lissafawa da awa 2,800. Yana zaɓar kwas 3. Kafin a kammala da shi sai ɗaya daga cikin jami'o'in ta ba shi gurbi ba tare da wani sharaɗi da ya rage ba. In ya gama kuma dole ya koma ƙasarsa ya zauna aƙalla shekara 2. Wato masu kuɗin ba karatun kaɗai suke saye ba, abin da mutum zai yi da shi a gida suke saye.

Da ya dawo daga Abuja a karon farko, cewa ya yi intabiyu ya yi kyau. Turancinsa bai sarƙe ba, kwat ɗinsa ta zauna, sun yi ta murmushi. Da saƙon haƙuri ya iso, sai ya ce ai dama sai mai uwa a gindin murhu. Na ce ya zauna ya maimaita mini amsoshin kamar yadda ya faɗe su, amma da Hausa.

Wannan dabarar ita ce ta fi komai amfani a duk zaman da muka yi. Turanci yana iya lulluɓe amsar da ba komai cikinta, musamman ga wanda ya haddace manyan kalmomi. In ka juye ta zuwa Hausa, sai a ga ƙasan tukunya.

An tambaye shi rauninsa, ya ce shi mutum ne mai son komai ya fita ba aibu, har yakan matsa wa kansa da aiki. An tambaye shi abin da zai karanta, ya ce jami'o'in Birtaniya sun yi fice a duniya, zai samu ilimi na zamani. An tambaye shi abin da zai yi in ya gama, ya ce zai dawo ya taimaki al'ummarsa, ya buɗe ƙungiya, nan gaba ya zama kwamishinan ruwa. Tun bai ƙarasa ta ukun ba shi da kansa ya fara dariya.

“Kawu, da Hausa kam ba daɗin ji.”

“Da Turancin ma haka suka ji ta,” na ce. “Kai ne dai ba ka ji ba.”

Babu ƙarya mai girma a amsoshin. Damuwar ita ce kowane mai nema, daga likita har lauya, zai iya ɗaukarsu ya faɗa ba tare da ya canza harafi ba. Kuma ukun ba su san juna ba. Raunin da ya ambata ba shi da alaƙa da kwas ɗin, kwas ɗin ba shi da alaƙa da kujerar kwamishina. Da na duba takardunsa sai na ga inda ɓarakar ta fara: kwasa-kwasan da ya zaɓa, ɗaya injiniyancin ruwa, ɗaya gudanar da ayyuka, ɗaya makamashin rana da iska. Duk wanda ya ga wannan jeri zai ce yaron nan tafiyar yake so, ko me aka ba shi zai karanta.

A tambayar rauni muka fi daɗewa, kusan mako uku, domin ita ce ya ƙi sakin jiki da ita. A tunaninsa tarko ce: ka faɗi laifinka da bakinka, a rage maka maki. Ni kuwa a zaman da na yi ta wancan gefen tebur, ban taɓa rage wa mutum maki don yana da rauni ba. Abin da nake nema shi ne ko ya san kansa, ko in aiki ya lalace yakan iya gane hannunsa a ciki. Tambayar ma ba kullum take zuwa da sunanta ba. Wani lokaci cewa za a yi ka ba da labarin wani aiki da ka jagoranta bai tafi daidai ba, ko lokacin da aka yi maka gyara mai zafi. Duk abu ɗaya ake haƙa.

Na daina tambayarsa rauni, na ce ya gaya mini aikin da in ya tuna shi yake jin kunya. Ya yi shiru, ya juya kofin shayi, sannan ya kawo labarin rijiyar Jauro.

A wani ƙauye ne ta wajen Dukku, yankin da duk mai haƙa ya san ruwa na da nisa a ƙasa. Masu awon ƙasa sun zo da na'urarsu sun nuna wuri a gefen gari, ta wajen kwari. Jauro, wato mai garin, ya ce sam, a ƙofar gidansa za a haƙa, nan ne tsakiyar gari, nan mata za su fi samun sauƙi. Dattijo ne, sa'an kakan Injiniya, ya yanka musu kaji, ya shimfiɗa musu tabarma. Injiniya ya kasa cewa a'a. Aka haƙa a ƙofar gidan, aka samu ruwa, amma kaɗan. Sai kuskure na biyu ya hau kan na farko. Ƙa'ida ita ce bayan haƙa a yi gwajin jan ruwa: a kunna inji yana ja da ƙarfi ɗaya na tsawon awoyi, sau da yawa kwana guda cur, ana auna yadda ruwan ke sauka a rijiyar, sannan a kashe a ga tsawon lokacin da zai ɗauka ya dawo. Daga nan ake sanin girman sumo, wato injin jan ruwan da ake zurawa ciki, wanda rijiyar za ta iya ɗauka. Su awa 2 suka yi, ruwa na zuba, yara na ihu, aka ce an gama. Aka zura sumo mai jan lita 3,000 a awa cikin rijiyar da daga baya aka gano da ƙyar take ba da 1,200.

Alamar ta fito tun watan farko, ba wanda ya karanta ta. Da hantsi ruwa na zuwa lafiya. Da rana ta take, lokacin da sola ta fi ba injin ƙarfi, sai bututun ya fara tari, yana tofo iska da ɗan yashi. Ruwan ne ke sauka ƙasa da bakin injin, injin na juyawa a bushe. Kafin shekara ta zagayo ya ƙone, mata suka koma tafki.

“Wannan ita ce amsarka,” na ce.

“Haba Kawu! In je in gaya wa Turawa na lalata rijiya?”

Abin da na nuna masa shi ne labarin na ɗauke da rauni iri biyu, kuma kowanne da inda zai yi masa aiki. Ɗaya na hali ne: kara, wadda ta hana shi gaya wa babba gaskiyar da aikinsa ya wajabta masa. Ɗaya na ilimi ne: bai iya fassara sakamakon gwajin jan ruwa da kansa ba, ɗan kwangila yake bi. Na halin shi zai ba da in an tambayi rauni. Na ilimin kuwa ya ajiye shi, shi ne ƙofar amsa ta gaba.

Akwai raunin da ban bar shi ya taɓa ba. A tsakiyar zaman ya ce ko ya ce shi ba ya son rubutu mai tsawo. Na ce wanda zai je ya rubuta kundin bincike cikin wata uku, in ya faɗi haka ya kori kansa da kansa. Raunin da za a faɗa ya zama na gaske, amma kada ya zama wanda ke sare gindin abin da aka zo nema. Haka kuma kada ya zama wanda ba ka yi komai a kansa ba tukuna, domin rabin amsar yana cikin abin da ya biyo baya.

Shi kuwa ya yi wani abu, bai dai ɗauke shi a bakin komai ba. Tun bayan rijiyar nan ya daina zuwa wurin mai gari shi kaɗai ranar haƙa. Yakan je mako guda kafin injin ya iso, a tara dattawa da kwamitin ruwa har da mata, ya sa mai awon ƙasa ya yi bayani da bakinsa, a sa hannu a takarda kan wurin da aka amince. Ta haka ba shi ne yaron da ya musa wa Jauro ba, taro ne ya yanke. A ƙauyuka biyu an so a matsar da wurin, bai yarda ba, kuma ba a ɓata ba.

Muka tsara amsar ta tsaya cikin minti biyu, ina riƙe da agogon waya. Jimla ɗaya ta faɗi raunin kai tsaye. Uku ko huɗu su ba da labarin, da abin da ya jawo wa mutanen garin. Sauran su tafi kan abin da ya canza. Na hana shi ɗora laifin kan ɗan kwangila ko kan Jauro, ko da yake kowannensu na da nasa kason, saboda kwamiti na jin “amma fa su ne suka” sai ya daina saurare. Na kuma hana shi rufewa da cewa yanzu ya warke sarai. Abin da ya zauna a kai shi ne har gobe yana jin nauyin musa wa babba, shi ya sa ya gina hanyar da ba sai ya dogara da ƙarfin halinsa na ranar ba. Wannan jimlar tasa ce, ban sa masa ita a baki ba.

Wata wahala ta taso wajen mayar da kara zuwa Turanci. In ya ce kunya kawai, za su ɗauka mutum ne mai noƙe-noƙe da ba zai iya jagoranci ba. Sai muka bar neman kalma ɗaya, ya bayyana ta da jimla: a inda ya taso, ƙarami ba ya musa wa dattijo a gaban jama'a, shi kuma ya bar wannan ladabi ya rinjayi hukuncinsa na injiniya.

Tsarin karatu bai ɗauke mu lokaci kamar haka ba, domin raunin ilimin ya riga ya share hanya. A nema na biyu kwasa-kwasansa uku duk na ruwa ne, a Loughborough, inda cibiyar WEDC ta daɗe tana aiki kan ruwa da tsafta a ƙasashe masu tasowa, sai Leeds da Cranfield. Na sa shi ya buɗe shafin kowane kwas, ya karanta darussan ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi biyu a kowanne da zai iya cewa ga matsalar da na gani a fili, ga darasin da ya dace da ita. Ba jerin sunayen darussa ake so ya zubo ba. In ya ambaci ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya haɗa shi da gwajin awa 2 ɗin nan.

Inda ya kusa zamewa shi ne kundin bincike. Digiri na biyu a Ingila yawanci maki 180 ne, 120 na darussa, 60 na kundi, ana farawa wajen Satumba, kundin kuma a watannin ƙarshe ake yinsa, daga Yuni zuwa Agusta. Injiniya ya ce zai dawo Gombe a lokacin ya auna yadda ruwa ke sauka a rijiyoyi da rani.

“Yuni zuwa Agusta wane lokaci ne a Gombe?” na tambaye shi.

Ya dafe kai. Tsakiyar damina. Ruwan ƙasa ya fi yin ƙasa a ƙarshen rani, wajen Maris da Afrilu, lokacin yana aji a Ingila. Da ya faɗi wannan tsari gaban wanda ya san aikin, da an gane bai taɓa ɗora shi kan kalanda ba. Gyaran da muka yi shi ne ya fara awon tun yanzu, kafin ya san ko zai samu. Ƙungiyarsu na da rijiyoyi 40 masu sola a ƙananan hukumomi biyu, 14 ba sa aiki. Ya sayi littafi mai kauri, duk rijiyar da ya je ya rubuta zurfinta, inda ruwa ya tsaya, girman sumo, da ranar da ta lalace in ta lalace. Na ja masa kunne kan abu biyu. Bayanan na ƙungiyar ne, sai da izininsu a rubuce zai fita da su. Hirar da za a yi da mutane don kundi kuwa sai jami'a ta tantance ta amince kafin a fara, don haka kada ya yi alkawarin amfani da tambayoyin da ya yi wa mata a bakin famfo. Awon rijiya daban, hira daban. Kuma ya faɗi tsarin a matsayin niyya, tunda malamin da zai duba kundin na iya karkata shi.

Tambaya ta uku ita ce wadda mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wai ai gaibu ne. Da na fara yi masa ita, cewa ya yi, “To Kawu, sai yadda Allah ya yi.” Gaskiya ne, kuma ba wanda zai hana shi cewa in sha Allahu a ɗakin. Amma manomi ma da yake cewa haka ya riga ya ware iri ya gyara garma.

Na ce ya manta da kwamishina, ya gaya mini ranar Litinin ta farko bayan ya sauka a Gombe, ina zai je da safe. Nan gaskiya mai ɗaci ta fito: aikinsa na kwantiragi ne, zai ƙare kafin ya dawo, ba kujerar da ke jiransa. Ya so ya ɓoye wannan, ya ce ƙungiyar za ta mayar da shi. Na ce a'a. In suka tambayi ko akwai takarda, me zai nuna? Gara ya faɗi yadda abin yake, ya nuna ya san ƙofofin da zai ƙwanƙwasa: ƙungiyoyin da ke aikin ruwa a Arewa maso Gabas, da hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, wadda ya riga ya yi aiki tare da ma'aikatanta a fili. Ya kuma kammala rajistarsa da COREN, majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya, domin sa hannunsa a rahoto ya yi nauyi.

Sai abin da zai yi da kansa, wanda muka yi ta ragewa har ya zama daidai ƙarfinsa. Da farko cewa ya yi zai gyara matsalar ruwa a jihar. Muka sauko zuwa ƙaramar hukuma ɗaya. A shekara biyun farko zai mayar da littafinsa rajistar rijiyoyin yankin, ya rubuta gajeriyar ƙa'idar gwajin jan ruwa da za a riƙa sa wa cikin takardar kwangila, ta yadda ba za a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe ba sai ya kawo sakamakon gwajin, ya kuma koya wa masu gyaran famfo na yankin gane tarin bututu kafin inji ya ƙone. Duk wannan ba ya bukatar ya buɗe ƙungiya ko ya jira miliyoyi. Burin nesa ya bar shi jimla ɗaya a ƙarshe: nan da shekara goma yana son ya kasance cikin masu tsara ƙa'idojin haƙa rijiya a jihar.

Na jefa masa wadda na san tana iya zuwa, ko yana da niyyar digiri na uku. Idonsa ya yi haske, ya ce ƙwarai, in ya samu dama zai zarce. Na ajiye biro. Mutumin da ya sa hannu zai koma gida shekara 2 ba ya cewa zai zarce. Ba na so ya yi ƙarya, don yana son digirin. Amsar da ta dace da gaskiyarsa ita ce yana so, amma bayan ya dawo ya yi aikin, lokacin da zai san tambayar da ta cancanci shekaru uku na bincike.

Ana saura mako guda na daina bari ya duba takarda. Ya fara rera amsoshin kamar hadda, in na katse shi a tsakiya sai ya koma farko. Na riƙa juya tambayoyin, ina farawa da ta ƙarshe, ina katse shi da gangan, wani dare na kira maƙwabcina malamin makaranta ya zauna yana ɗaure fuska. Abin da ya rage masa a ka ba jimloli ba ne, abu uku ne: rijiyar Jauro, littafin awo, da takardar kwangila.

Da ya fito daga intabiyu na biyu ya kira ni, muryarsa ba irin ta bara ba. Ya ce bai san ko ya yi kyau ba. Bayan ya gama labarin rijiyar, wata daga cikin kwamitin ta yi masa tambayar da ba mu shirya ba: ya koma ya gaya wa Jauro abin da ya kashe rijiyar? Ya ce ya ɗan yi shiru, sannan ya ce bai koma ba, an dai canza injin da ƙarami an ce masa an gyara. Ta rubuta wani abu, suka wuce.

Duk hanyar Jos zuwa Bauchi yana ta saƙa cewa wannan amsar ta kashe shi. A watan Yuni saƙo ya zo an sa shi cikin masu jiran gurbi, bayan wasu makonni aka ce ya samu. Takardar izinin fita da bayanan rijiyoyin ba ta fito ba sai ana saura kwana 6 ya tashi, lokacin littafin na da awon rijiya 31 cikin 40, sauran 9 damina ta tare hanyarsu. Kafin ya tafi ya hau mashin ya je ƙauyen nan ta wajen Dukku, ya zauna a tabarmar Jauro ya yi masa bayanin tun daga wurin da aka haƙa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce to, in ya dawo daga Turai sai a haƙa wata a kwarin.